Laftof ta ce an jona amma ba ta caji: batir zan saya ko caja?

Malam, assalamu alaikum. Ɗaliba ce ni a aji huɗu na jami'a, ina tsakiyar rubuta aikin kammala karatu. Laftof ɗina Dell Latitude 5490 ce ta hannu, na yi kusan shekara biyu da ita lafiya. Wata guda da ya wuce cajarta ta ƙone a janareta, yayana ya sayo min wata a kasuwa. Tun daga lokacin idan na jona sai ta rubuta "plugged in, not charging". Tana aiki in da wuta, amma ta yi nauyi, kuma cajin da yake 37 yanzu ya koma 22, bai taɓa hawa ba. Mai gyara ya ce batir ne ya mutu, in kawo kuɗin sabo. Wata ƙawata kuma ta ce direba zan sake. Kuɗin hannuna na bugun aikina ne, kuma ina jin nauyin in ce wa yayana cajar da ya sayo ba ta da kyau. Me zan yi?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Riƙe kuɗinki tukuna. Ban ga kwamfutar da idona ba, amma da za a tilasta ni in nuna mai laifi yau, cajar zan nuna, batir kuma ya zo na ƙarshe a layi. Akwai hanyar tabbatarwa da ba za ta ci miki ko sisi ba, kuma ba ta buƙatar a kwance ko noti ɗaya.

Ɗauki cajar ki leƙa cikin bakinta, wannan zagayayyen ƙarfen da kike cusawa a jikin laftof. A tsakiyar ramin za ki ga wani siririn tsinke kamar allura. Wutar da ke tafiyar da kwamfutar ba ta wannan tsinken take bi ba, ta jikin ƙarfen take bi, bangon ciki da na waje. Aikin tsinken daban ne. A cikin cajar Dell ta asali akwai wata 'yar mitsitsiyar na'ura da ke ɗauke da bayanin cajar, kuma ta tsinken nan take gaya wa laftof cewa ita ta Dell ce, ƙarfinta wat kaza ne. Kamar mai gadi ne a bakin ƙofa da ke neman katin shaida: in cajar ta nuna kati, laftof ta saki jiki ta ja wutar da take so, ta yi aiki ta kuma cika batir. In babu kati, laftof ba ta san iya nauyin da cajar za ta ɗauka ba, don haka sai ta yi taka-tsantsan. Za ta karɓi wutar da za ta kunna kanta, ta rage gudun injinta, ta kuma ƙi tura komai cikin batir. Nauyin da kika ga kwamfutar ta yi da ƙin cajin, a Dell, sau da yawa ciwo ɗaya ne, kuma haɗuwarsu a lokaci guda ita ta fi jan hankalina a wasiƙarki. Mataccen batir kaɗai ba ya jiran ranar da aka canza caja kafin ya bayyana.

Ga yadda za ki tambayi kwamfutar da kanta. Ki kashe ta gaba ɗaya, ki jona caja, ki kunna, da zarar tambarin Dell ya fito ki riƙa danna F2 a kai a kai har shafin BIOS ya buɗe, wato shafin saitin kwamfutar da ke zuwa kafin Windows ya tashi. A gefen hagu, ƙarƙashin General, ki zaɓi Battery Information. Abu biyu za ki duba a nan. Na farko layin da aka rubuta AC Adapter. Idan cajar ta gabatar da kanta yadda ya kamata za ki ga 65W ko 90W. Idan kika ga Unknown, to laftof tana jin wuta amma ba ta gane mai kawo ta ba. In kuwa None kika gani alhali cajar tana jone, wutar ma ba ta shiga. Na biyu layin Health, inda kwamfutar ke faɗin ra'ayinta kan batir: Excellent, Good, Fair ko Poor. Ki ɗauki hoton shafin da wayarki, zai yi miki amfani a gaba. Kada ki canza komai a ciki, ki fita ta Exit.

Wataƙila ma kwamfutar ta riga ta faɗa miki kin wuce ba ki karanta ba. Dell kan tsaya lokacin tashi ta nuna baƙin shafi mai cewa "The AC power adapter wattage and type cannot be determined", ta ce a danna F1 a ci gaba. Mutane da yawa sun mayar da danna F1 ɗin al'ada, wasu masu sayarwa kuma sukan shiga BIOS su kashe gargaɗin don kada mai saye ya gani.

A ce Unknown kika gani. Har yanzu akwai saura tambaya ɗaya, domin saƙon nan yana iya katsewa ta ɓangaren cajar, yana kuma iya katsewa ta ɓangaren ramin laftof. Kina cikin BIOS ɗin, ki ɗan juya bakin cajar a hankali, ki ɗaga wayar sama kaɗan, ki sauke ta, idonki a kan layin. In ya riƙa sauyawa tsakanin 65W da Unknown, akwai abin da ke kwance: ko tsinken ya lanƙwashe, ko siririyar wayar da ke ɗauke da saƙon ta tsinke a wuyan fulogin, ko ramin ya saki. Amma gwajin da ke yanke hukunci shi ne aron caja. Nemi wata a hostel ko a sashenku mai Dell irin taki, mai babban baki, wadda kika ga tana caji a kwamfutar mai ita. Ki jona tata a taki, ki jona taki a tata, ku duba BIOS duka biyu. Idan tata ta nuna 65W a wajenki kuma lambar caji ta fara hawa, taki kuma ta nuna Unknown a wajenta, magana ta ƙare, cajar ce. Idan cajarta mai lafiya ma ta zama Unknown a taki, to ramin caji ne ko abin da ke bayansa. Sa'ar da kika yi, a irin wannan Latitude ramin ba a liƙe yake a jikin bod ba, wato babban allon da ke ɗauke da kayan cikin kwamfutar, ɗan ƙaramin kaya ne mai wayarsa da ake cirewa a sa wani, kuma bai kai batir tsada ba. Sai an canza shi abin bai gyaru ba sannan a fara zancen bod. Tunda tsohuwar cajarki ƙonewa ta yi, ban cire yiwuwar cewa wutar ta taɓa wani abu a ciki ba, shi ya sa nake so ki yi gwajin aron kafin ki ɗora wa kowa laifi.

Wani mai gyaran zai ɗauko mitarsa ya auna cajar ya nuna miki 19.5, ya ce ga shi nan lafiyarta ƙalau. Awon daidai ne, sai dai bai amsa tambayarmu ba. Mitar ta nuna cewa wuta tana fitowa, abin da kika riga kika sani tunda laftof tana kunnuwa. Ba ta iya ganin saƙon da ke bi ta tsinken. Akwai ma haɗari a awon: in tsinin mitar ya haɗa tsinken tsakiya da bangon ciki mai ɗauke da wuta, 'yar na'urar nan na iya ƙonewa nan take, caja mai kyau ta koma marar shaida.

Ki juya bayan cajar kuma ki karanta rubutun da ke jikinta, layin Output. Ta Dell mai wat 65 tana rubuta 19.5V da 3.34A. In kika ninka lambobin biyu za ki samu kusan 65. Mai wat 90 tana rubuta 4.62A, mai wat 45 kuma 2.31A. Lambar farko dole ta dace da abin da laftof ke nema, wanda aka rubuta a ƙarƙashinta. Ta biyu ba laifi in ta fi, laftof iya buƙatarta take ja, amma in ta gaza akwai matsala. Ƙaramar caja tana iya riƙe kwamfutar a kunne ba tare da ragowar da za ta ba batir ba. Alamarta ita ce caji ya hau in kwamfutar tana kashe, ya tsaya ko ya yi ƙasa in kina aiki. Jabun caja kuma rubutun bayanta ba abin dogaro ba ne. Yawanci za ki ji ta sakayau a hannu, ta yi zafi da wuri, wani lokaci kibiyar linzami ta riƙa rawa da kanta in an jona.

Yanzu maganar ƙawarki ta sake direba, wato 'yar manhajar da Windows ke karɓar labarin batir ta hanyarta. Ba ta yi ƙarya ba, akwai lokacin da wannan dabarar ke aiki, kuma ba ta ɓata komai, don haka ki gwada. Danna maɓallin dama na linzami a kan tambarin Start, ki zaɓi Device Manager, ki buɗe Batteries. Za ki ga Microsoft AC Adapter da Microsoft ACPI-Compliant Control Method Battery. Ki danna dama a kan na biyun ki zaɓi Uninstall device, sannan ki sake kunna kwamfutar, Windows zai mayar da shi da kansa ba tare da data ba. Amma ki san iyakar abin. Ba Windows ne ke cajin batir ba. Akwai wata ƙaramar na'ura a kan bod da ke wannan aikin, ko kwamfutar tana kunne ko tana kashe, direban nan labari kawai yake karɓowa daga wajenta ya nuna miki a kusurwar allo. Saboda haka abin da yake warkarwa shi ne labarin ƙarya, misali batir yana cika amma lambar ta maƙale. Gwajinsa mai sauƙi ne: kashe kwamfutar, ki bar ta a jone awa guda, ki kunna ki shiga BIOS ki duba lambar caji a can, inda Windows bai da hannu. In 22 ɗin nan tana nan ba ta motsa ba, direba ba shi da laifi, ko sau goma kika sake shi. Wanda ya ce ki kawo a yi miki sabon Windows saboda wannan matsalar, kada ki yarda, balle da aikin kammala karatunki a ciki.

Akwai wata dabarar mai kama da ita da ta fi kusa da tushen abin. Ki kashe kwamfutar, ki zare caja da duk abin da ke jone, ki danne maɓallin kunnawa ki riƙe kamar daƙiƙa 30, ki saki, sannan ki jona ki kunna. Wannan yana sa 'yar na'urar cajin ta farfaɗo in ta rikice, abin da kan faru bayan wuta ta yi tsalle. A kwamfutocin da batirinsu ke fita ta baya ana cire shi tukuna. Naki a ciki yake, kada ki buɗe murfin don wannan.

Na san wasu masu karatu za su ce ai akwai saitin da ke hana caji da gangan. Haka ne, kuma ya sa mutane da dama sun sayi batir a banza. Lenovo tana da Conservation Mode a cikin manhajar Lenovo Vantage, wanda a kwamfutoci da yawa yake tsayar da caji a wajen 60, a wasu sababbi kuma 80. ASUS tana da irinsa a MyASUS. A Dell yana cikin BIOS, ƙarƙashin Power Management, da sunan Primary Battery Charge Configuration, inda Custom ke ba mutum damar cewa a fara caji a kaza a tsaya a kaza. An yi su ne don batirin da ke zaune a wuta kullum kada ya tsufa da wuri. Amma duk waɗannan a sama suke tsayar da caji, daga 50 zuwa sama. Babu ɗaya daga cikinsu da zai bar batir a 37 ya zuba ido yana gangarowa zuwa 22. Wanda tasa ta maƙale a 60 ko 80 cif, ya fara duba nan. Ke ba taki ba ce.

Sai batirin kansa, tunda shi ake tuhuma, kuma kwamfutar ta hannu ce da ta yi shekaru kafin ta zo hannunki. Windows yana da rahoton da zai ba ki lambobi maimakon hasashe. Ki rubuta cmd a wurin bincike, ki buɗe Command Prompt, ki rubuta waɗannan layuka biyu, kina danna Enter bayan kowanne:

```
powercfg /batteryreport
start battery-report.html
```

Shafi zai buɗe. A ƙarƙashin Installed batteries ki nemi DESIGN CAPACITY, wato abin da batirin ke ɗauka ranar da aka ƙera shi, da FULL CHARGE CAPACITY, wato abin da yake iya ɗauka yanzu in ya cika. Latitude 5490 tana zuwa da batir iri uku, mai 42, mai 51 da mai 68 a ma'aunin Wh, rahoton kuma yana rubuta su da dubbai. A ce naki babban ne, kika ga 68,000 mWh a sama, 41,000 mWh a ƙasa. Ki raba na ƙasa da na sama, za ki samu kashi 60 cikin ɗari. Ma'anarsa batirin da yake kai awa biyar yana sabo yanzu uku zai yi. Ya tsufa, amma yana caji, yana aiki, kuma zai kai ki ƙarshen zangon nan. A ganina sama da kashi 80 lafiyayye ne, tsakanin 50 da 80 a ci gaba da lallaɓawa, ƙasa da 40 kuma a fara tara kuɗi. Abin da nake so ki riƙe shi ne tsufa yana rage yawan abin da batir ke ɗauka, ba ya hana shi karɓar caji. Tsohon batir ma saurin cika yake yi, ya kuma yi saurin ƙarewa.

Batirin da ya mutu da gaske yana da nasa alamomin. Kina zare caja kwamfutar ta ɗauke ɗif, ko lambar ta faɗo daga 40 zuwa 5 a lokaci guda, ko ta zauna a 0 ko da caja ta asali, ko BIOS ya ce Poor ko ya ce bai ga batir ba. Naki kuwa yana riƙe kwamfutar duk lokacin da aka ɗauke wuta, shi ya sa yake raguwa kaɗan-kaɗan. Wannan aikin mai rai ne. Ki gangara ƙasa a rahoton zuwa Battery capacity history ki ga yadda lambar take tafiya mako-mako. Raguwa a hankali tsufa ne na yau da kullum, faɗuwa babba a dare ɗaya ita ce ke nuna wani ɓangare na batirin ya lalace.

Abu ɗaya ne zai sa in janye duk abin da na faɗa in ce ki cire batirin yau. Ki ajiye laftof a kan tebur mai santsi ki duba ko tana zama daram. Ki shafa wajen da kike jan yatsa, ki ga ko ya turo sama ko dannawa ta yi tauri, ki duba ko murfin ƙasa ya fara buɗe baki a gefe. Wannan kumburi ne, kuma batirin da ya kumbura yana iya kama wuta. Ba a danna shi, ba a huda shi, ba a ci gaba da cajinsa. Mai gyara ya cire shi, kwamfutar za ta yi aiki da caja kaɗai kafin ki samu wani. Zafi ne babban mai jawo shi, kuma zafi shi kansa yana tsayar da caji na ɗan lokaci, domin batirin litiyam ba a cajinsa in ya wuce kimanin digiri 45. Laftof a kan katifa da rana tsaka a watan Afrilu tana iya ƙin caji, ta dawo daidai bayan ta huce. Naki ya yi wata guda dare da rana, don haka ba wannan ba ne, amma ki daina ɗora ta a kan gado.

Kafin ki warware matsalar, ki tattala 22 ɗin nan. Idan aka ɗauke wuta ki adana aikinki ki kashe kwamfutar, kada ki ci gaba har ta mutu da kanta. Batirin da ya kai 0 aka bar shi makonni a haka yana iya zurfafa har na'urar tsaron da ke cikinsa ta kulle shi, a nan ne maganar mai gyara za ta zama gaskiya. In kin samu cajar aro tana aiki, ki cika shi a zama ɗaya. Kada kuma ki yarda a sabunta BIOS a wannan halin. Wani lokaci yana gyara matsalar caji, amma in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin kuma batir bai riƙe ba, kwamfutar na iya ƙin tashi gaba ɗaya. Ki kwafi aikinki a filashi da imel ɗinki yau, kafin kowa ya taɓa ta.

Game da yayanki, ban ga abin jin nauyi ba. Shi ma sayar masa aka yi, kuma babu yadda za a yi ya gane a ido, tunda jabun da ta asalin tambari ɗaya suke ɗauke da shi. Araha ba ta ado, amma wani lokaci ma kuɗin ta asali ake karɓa a ba mutum jabu. Kada ki ce masa cajarsa ba ta da kyau. Ki nuna masa hoton BIOS ki ce, "Yaya, duba abin da kwamfutar ke cewa, mai shagon nan ya ba ka wadda ba ta dace ba, ko za mu koma a canza?" Zai fi jin haushi in ya ji daga baya cewa kin kashe kuɗin bugun aikinki a kan batir saboda kunyarsa. Mai gyaran ma ba lallai ne cuta ya nufa ba, da yawa suna ganin saƙon nan sai bakinsu ya tafi kan batir. Amma in za ki koma wajensa, ki ce ya jona cajarsa ta asali a gabanki ya buɗe F2.

Ranar da za ku je canjin, ku tafi da laftof ɗin. A shagon za ki jona kowace caja aka miƙo miki, ki shiga BIOS, ki ga 65W ko 90W da idonki, ki girgiza wayar kaɗan ki tabbatar rubutun bai sauya ba, sannan ki tsaya minti biyar ki ga lambar ta tashi daga 22 zuwa 23 ko 24. Tsohuwar caja ta asali da aka ciro tare da kwamfutocin hannu ta fi sabuwar jabu a cikin kwali, ko da jikinta ya goge, matuƙar wayarta ba ta da ɗauri. Ki guji mai baki da yawa da ake sauya mata kai. In mai shagon ya ƙi a gwada, ku wuce shago na gaba. Sabuwar cajar kuma kada ki bar ta a soket lokacin da ake tayar da janareta ko kashe shi, ki jira ya daidaita sannan ki jona.